Akwatin Gmail ya cika, saƙon da ake jira ya kasa shigowa

Wata ɗaliba a Damagaram ta shafe mako biyu tana jiran amsar neman gurbin karatu a waje, ashe akwatinta ne ya cika. Gmail na ba da 15 GB kyauta, kuma hotuna da Drive duk a ciki suke ci. Da zarar ya cika, sabon saƙo ba ya shiga.

A kwamfuta, ta rubuta wannan a gurbin bincike:

```
category:promotions older_than:1y -is:starred
```

Wato tallace-tallacen da suka haura shekara ɗaya, ban da waɗanda ta sa wa tauraro. Ɗan akwatin zaɓi na sama saƙonni 50 na shafin kaɗai yake kamawa, sai da ta danna layin da ya fito na zaɓar dukkansu. Dubbai suka tafi lokaci guda.

Amma wuri bai samu ba sai da ta zazzage Corbeille, domin abin da aka goge yana kwana 30 a can, yana cin wuri.

Don kada sharar ta dawo, ta bi masu yawan aiko da talla tana danna Se désabonner kusa da sunansu. Washegari ta roƙi makarantar ta sake aiko mata da amsar.