Shafi 48 a Cikin Shafi Ɗaya: Yadda Ake Taƙaita Rahoto ga Maigida

A mafi yawan ofisoshi, idan aka miƙa wa ma'aikaci rahoto mai kauri aka ce ya taƙaita shi a shafi ɗaya, abin da yakan yi shi ne ya bi babi-babi yana tsakuro jimla biyu daga kowanne. Gabatarwa ta samu layinta, hanyar bincike ta samu nata, shawarwari su zo can ƙarshe inda takarda ta kusa ƙarewa. Manaja ya karanta, ya ajiye, ya kira shi ya ce, "To, yanzu me kake so in yi?" Idan aka yi wannan tambayar, taƙaitawar ba ta yi aikinta ba.

Koken ba na yau ba ne. A watan Agusta na 1940, ana tsakiyar yaƙi, Winston Churchill ya rubuta wa ministocinsa da ma'aikatansu takarda yana neman su gajarta rahotanninsu, saboda tsawonsu yana cin lokacin da ake nema ruwa a jallo. Manajan yau ba yaƙi yake yi ba, amma shi ma yana karanta takardarka ne tsakanin taro da taro, wani lokaci a wayarsa a cikin mota.

Saboda haka aikin yana farawa da tambaya ɗaya: wane hukunci ake jiran wannan mutumin ya yanke? Amsar ita ce za ta zaɓa maka alƙaluman da za su shiga da waɗanda za su tsaya a waje.

Mu ɗauki misali da muka ƙirƙira don bayani. A ce kamfanin casar shinkafa ne a Kano, kuma an haɗa rahoton wata uku, Janairu zuwa Maris, mai shafi 48 da jadawali goma sha biyar. Ka karanta shi sau biyu. Karon farko don ka gane labarin, karo na biyu da biro a hannu, kana rubuta kowane adadi mai nauyi tare da lambar shafin da ka same shi. Za ka iya tara talatin. Sai ka auna kowanne: da wannan adadin ya canza, maigida zai canza shawara? Yawan ma'aikatan da suka halarci bita ba zai canza komai ba, don haka ya fita.

Abin da ya rage kaɗan ne. An sayar da buhu 12,400, alhali a wata ukun baya 11,000 aka sayar. Kuɗin ciniki ya tashi daga naira miliyan 770 zuwa miliyan 868. Amma riba ta sauka daga miliyan 77 zuwa miliyan 52. Kuɗin dizal ya tashi daga miliyan 38 zuwa miliyan 61, saboda yawan ɗauke wuta. Sannan akwai bashin miliyan 140 a hannun diloli. A shafi na 44 kuma, rahoton ya nemi a amince da miliyan 18 na sabuwar taransifoma, kuma farashin da mai sayarwa ya bayar zai ƙare ranar 30 ga Afrilu.

Abin da ke shafi na 44 shi ne zai hau saman takardarka. Layukan farko za su iya zama haka: "Ciniki ya ƙaru da kusan kashi 13 cikin ɗari, amma riba ta ragu da naira miliyan 25, galibi saboda dizal. Ana neman amincewarka a kashe miliyan 18 a kan taransifoma kafin 30 ga Afrilu, kuma a dakatar da bai wa diloli uku kaya bashi." Ko da manaja nan kawai ya karanta aka kira shi, ya san halin da ake ciki kuma ya san abin da ake jira daga gare shi.

Ƙarƙashin wannan sai hujja ta biyo, a nan ne kuma aka fi yin ɓarna. Adadi shi kaɗai ba ya magana. Idan ka rubuta "dizal: miliyan 61" ba ka faɗi komai ba, domin mai karatu bai san ko da yawa ne ko kaɗan ba. Kowane adadi yana bukatar abokin gwaji, ko na baya ko wanda aka yi kasafi a kansa, tare da ma'auninsa da lokacinsa. Manaja mai kaifin ido zai ce ai an ƙara casa, dole dizal ya ƙaru. Ka tare shi tun kafin ya tambaya: raba kuɗin da yawan buhu. A baya kowane buhu ya ci dizal na kusan naira 3,450, yanzu yana cin kusan 4,900. Wannan layi ɗaya ya fi jadawali uku amfani, ko da kuwa babu shi a rahoton sai da ka lissafa da kanka. Idan kai ka lissafa, ka nuna haka a gefe, domin kada a je nemansa a rahoto a rasa.

A kula da kashi cikin ɗari. Riba a kan ciniki ta sauka daga kashi 10 zuwa kashi 6. Wanda ya rubuta "riba ta ragu da kashi 4 cikin ɗari" ya yaudari maigidansa ba tare da niyya ba, domin a kuɗi kusan kashi ɗaya cikin uku na ribar ne ya tafi. Mafita ita ce a rubuta duka biyun, "daga 10 zuwa 6", a bar mai karatu ya ga tazarar da idonsa.

Matsakaici ma yakan ɓoye matsala. Idan diloli 40 ne, bashin miliyan 140 ya zama miliyan uku da rabi a kan kowa, abin da ba zai hana kowa barci ba. Amma jadawalin shafi na 31 ya nuna miliyan 95 na hannun mutum uku, kuma ya haura kwana 60. Wannan ne zai shiga.

Za ka iya datse wutsiyar adadi, 52,080,000 ya zama miliyan 52, muddin ka yi wa duka iri ɗaya. Abin da ba ka da izinin datsewa shi ne gargaɗin da masu rahoton suka yi. Idan sun ce cinikin Maris na ma'ajiyar Zariya kiyasi ne domin ba a gama ƙidayar kaya ba, dole kalmar "kiyasi" ta bi adadin har cikin shafinka. Na fi jin takaicin wannan kuskuren a kan sauran, domin manaja zai ɗauki adadin ya faɗa a gaban masu kamfani da cikakken tabbaci, ranar da gaskiya ta fito kuma shi za a kalla. Haka nan labari marar daɗi: kada tsoron fuskar oga ya sa ka tura shi layin ƙarshe.

Kada ka ƙanƙance rubutu ko ka cinye gefen takarda don komai ya shiga. Idan bai shiga ba, akwai abin da ya kamata ya fita. Ƙaramin jadawali mai layi biyar, da "yanzu", "a baya" da "shafi" a kansa, ya isa ya ɗauke alƙaluman.

Kafin ka miƙa, koma ka duba kowane adadi da asalinsa ɗaya bayan ɗaya, domin 61 yakan koma 16 a wajen kwafa. Sannan ka ba wani abokin aiki da bai ga rahoton ba, ya karanta na minti biyu, ka karɓe takardar, ka tambaye shi abin da ake so maigida ya yi, nawa zai ci, kuma zuwa yaushe. Idan ya ce taransifoma, miliyan 18, 30 ga Afrilu, da diloli uku, ka kai ta ofishin manaja. Idan ya fara ba ka labarin ƙaruwar ciniki, koma ka sake layukan farko.