Daidaita Fassarar Hausa a Shafukan Majigi: Matsalar Tsawon Rubutu

1.0 Gabatarwa

Mai fassara shafukan majigi daga Ingilishi zuwa Hausa yakan tarar cewa gurbin da aka auna wa rubutun asali ya yi wa fassararsa kaɗan. Wannan maƙala za ta nuna cewa daga harshe ya kamata a fara gyara, sannan tsarin shafi, rage girman haruffa kuwa shi ne mataki na ƙarshe.

2.0 Tushen Matsalar

Ingilishi yakan curo ma'ana mai yawa cikin harɗaɗɗen suna guda, alhali Hausa takan warware ta da mahaɗi da wakilin suna da alamar lokaci. A ɗauki wannan take na shafin wayar da kai: "Handwashing prevents cholera". Harafi 28 ne idan aka ƙidaya har da sararin da ke tsakanin kalmomi. Fassarar da takan fara zuwa wa mutum ita ce: "Wanke hannuwa yana hana kamuwa da cutar kwalara", wato harafi 47. Idan layin take ba ya ɗaukar fiye da harafi 30, dole fassarar ta gangaro layi na biyu.

3.0 Matakan Gyara

Da farko a tace jimlar. Kalmar "cutar" ba ta ƙara komai, domin kwalara dama cuta ce, haka ma "kamuwa da". Idan aka mayar da "hannuwa" tilo, aka gajarta "yana" zuwa "na", sai a sami "Wanke hannu na hana kwalara", harafi 27, ba tare da ma'ana ta raunana ba. Sai dai tacewa tana da iyaka. Ba a zubar da "ba" ta biyu a jimlar korewa irin "Ba a tafasa ruwan ba", domin idan ta faɗi, labarin abin da bai faru ba yakan rikiɗe ya yi kama da hani.

Idan tacewa ba ta wadatar ba, sai a faɗaɗa akwatin rubutu, ko a raba bayanin gida biyu, kowane da shafinsa, a kai ƙarin bayani sashen Notes wanda mai jawabi yake karantawa.

Abin lura shi ne, PowerPoint yakan ƙanƙanta rubutu da kansa idan zaɓin "Shrink text on overflow" yana kunne. Ana gane haka idan girman haruffa ya riƙa sauyawa daga shafi zuwa shafi, har na bayan zaure ya kasa karantawa. Zaɓar "Do not Autofit" yakan bar rubutu ya malalo a fili, mai fassara ya ga ainihin inda gyara yake.

4.0 Kammalawa

Bayan an gama, a haska shafukan a na'urar da za a yi jawabi da ita. Idan babu nau'in haruffan da aka zaɓa a cikinta, ko nau'in ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, za ta aro wani mai faɗi daban, layukan da aka daidaita su sake karyewa.