Jarrabawar gajimare ta farko: kunna, lalata, rushe

Jarrabawar da kamfanin Amazon ke shirya wa masu fara koyon aikin gajimare, wato AWS Certified Cloud Practitioner, tambayoyi 65 ce a cikin minti 90, kuɗin zamanta kuwa dala 100. Ana auna maki ne daga 100 zuwa 1000, kuma sai wanda ya kai 700 ya ci. Duk tambayoyin na zaɓi ne, babu inda za a ce ka kunna wata na'ura a gani. Wannan ne ke ruɗin ɗalibai da yawa, su ce tunda babu gwajin aikin hannu, ai haddar sunaye ta wadatar. Sai mutum ya shiga ya tarar ba a tambayarsa ma'anar suna, ana ba shi labari ne: wani kamfani yana da buƙata kaza, wace hidima ce ta dace da shi? Wanda ya taɓa riƙe abin da hannunsa yakan gane amsar tun kafin ya gama karanta zaɓuɓɓukan.

Gajimare a nan ba wani abin al'ajabi ba ne. Kwamfutoci ne jibge a manyan gine-gine na kamfani, kana hayarsu ta intanet, kana biyan gwargwadon abin da ka yi amfani da shi. Shi ya sa wanda ke da tsohuwar laftof ma zai iya koyo, domin nauyin aikin ba a kanta yake ba, burauza kawai take buɗewa.

Maganar "kyauta" ce ke buƙatar a tsaya a kanta, saboda tsarin ya canza a watan Yulin 2025, kuma yawancin bidiyon koyarwa da ke yawo tun kafin nan aka yi su. A tsohon tsari, sabon asusu na samun wata 12, da awa 750 na ƙaramar sabar kowane wata. Yanzu wanda ya buɗe asusu ana ba shi kiredit na dala 100, yana iya ƙara wasu har dala 100 idan ya kammala 'yan ayyukan da aka jera masa. Idan ya zaɓi Free plan, ba za a cire masa kuɗi ba, amma asusun zai rufe bayan wata shida, ko ranar da kiredit ɗin ya ƙare, duk wanda ya riga. Don haka kada ka buɗe asusu yau alhali sai bayan sallah za ka fara karatu. Agogo yana fara bugawa ne daga ranar rajista.

Rajistar tana neman katin banki, kuma wani katin ba ya wucewa. Wanda hakan ta same shi ba sai ya zauna ba. AWS Educate na ba da darussan gwaji kyauta da adireshin imel kaɗai, haka ma a AWS Skill Builder akwai kwas ɗin Cloud Practitioner Essentials ba tare da biyan ko sisi ba. Sai dai a irin waɗannan, an riga an shimfiɗa maka hanya, kana bi ne kawai. A ganina asusun kanka ya fi koyarwa, domin a nan ne za ka yi kuskure ka ga abin da ya jawo.

Ranar farko kada ka gina komai. Imel ɗin da ka yi rajista da shi ya zama root user, mai iko a kan komai, har rufe asusun. Sa masa MFA, wato lambar da wayarka ke fitarwa bayan kalmar sirri. Daga nan ka shiga IAM ka ƙirƙiri wani mai amfani na daban wanda za ka riƙa aikin yau da kullum da shi, ka ajiye root ɗin gefe. Sannan ka je AWS Budgets ka zaɓi Zero spend budget, wanda zai aiko maka da imel idan kashewa ta wuce kwabo ɗaya na dala. A lura, shi wannan gargaɗi kawai yake yi, ba ya kashe maka komai, kuma lissafin yakan yi jinkirin sa'o'i kafin ya bayyana. Wannan ɗan aikin na rabin awa ba share fage ba ne kurum: ɓangaren tsaro shi ne kashi 30 cikin ɗari na jarrabawar, ɓangaren kuɗi da tallafi kuma kashi 12.

To, ga gwaji guda da za mu bi daga farko zuwa ƙarshe: kunna sabar da za ta nuna shafin intanet mai layi ɗaya.

Shiga EC2, ka duba saman allo ta hannun dama ka ga yankin da kake, ka rubuta shi a takarda. A ce us-east-1 ne. Danna Launch instance, ka zaɓi Amazon Linux 2023 da ƙaramin nau'i irin t3.micro. A wajen saitin sadarwa, da gangan kada ka taɓa akwatin Allow HTTP traffic from the internet. Gangara ƙasa cikin Advanced details, a filin User data ka liƙa wannan:

```
#!/bin/bash
dnf install -y httpd
echo "Sannu daga gajimare" > /var/www/html/index.html
systemctl enable --now httpd
```

Abin da rubutun ke cewa shi ne, da zarar na'urar ta tashi, ta girka manhajar nuna shafi, ta rubuta gaisuwar, ta fara aiki. Bayan 'yan mintoci ka kwafi Public IPv4 address ka sa a burauza, da `http://` a gabansa. Shafin zai yi ta juyawa har ya gaji ya ce lokaci ya ƙure. Abin da muke so ke nan. Sabar tana lafiya, ƙofa ce a rufe. Kowace sabar tana da security group, katangar da ke hana duk mai shigowa sai wanda ka rubuta mata. Shiga Edit inbound rules, ka ƙara HTTP, ƙofa ta 80, daga `0.0.0.0/0`, wato daga ko'ina. Sake gwadawa, nan take gaisuwarka za ta fito, ba tare da ka sake kunna na'urar ba.

Yadda abin ya ƙi ma darasi ne. Idan burauza ta daɗe tana jira sannan ta haƙura, saƙonka bai isa na'urar ba, ka duba katanga. Idan kuwa nan da nan ta ce an ƙi haɗin, to saƙo ya isa, manhajar ce ba ta tashi ba, wataƙila ka yi kuskure a rubutun nan huɗu. Akwai kuma wata 'yar tarko: mahaɗin da ke kusa da adireshin a kan allo yakan buɗe da `https://`, wanda ƙofarsa 443 ce, mu kuma ba mu buɗe ta ba. Mutane kan shafe awa guda suna neman laifi alhali harafi ɗaya ne.

Yanzu tambayi kanka: da ƙofar ta kasance a rufe, laifin wa? Da ka buɗe ta ga kowa, wa ya buɗe? Kai ne. Wannan shi ne abin da ake kira Shared Responsibility Model, kuma jarrabawar tana yawan zagayowa kansa. Kamar hayar shago ne a kasuwa: gini da babbar ƙofa da maigadi na mai kasuwa ne, amma kwaɗon shagonka da wanda ka ba makulli, naka ne. Ginin da injina na Amazon ne. Sabunta manhajar da ke cikin sabar, da katangarta, da bayanan da ka zuba, suna wuyanka. Idan ka koma ga hidima irin RDS, inda kamfanin ke kula da rumbun bayanai, sai ka ga sabunta manhajar ya koma wuyansu. Iyakar tana matsawa gwargwadon hidimar, kuma daidai nan masu hadda ke faɗuwa.

Saura rushewa, wadda na fi so ɗalibi ya ba muhimmanci fiye da ginin. Danna Stop instance, ka sake kunnawa, za ka ga adireshin ya canza. Ka kuma sani cewa tsayar da sabar ba ya tsayar da duk kuɗi: faifan ajiyarta, wato EBS, yana nan ana lissafa shi. Sai ka danna Terminate instance sannan sabar ke tafiya, kuma bisa saitin asali babban faifan yana bin ta. Ita t3.micro a wancan yankin kusan kwabo ɗaya na dala take ci a awa, adireshin jama'a kuma, tun Fabrairun 2024, rabin kwabo a awa. Gwajin awa biyu bai kai komai ba. Amma ka manta da ita wata guda, fiye da dala 10 sun fita daga kiredit ɗinka. Mantuwar kuwa da sauƙi take, domin allon EC2 yana nuna abin da ke yankin da ka zaɓa ne kaɗai. Ka kunna a wani yanki, gobe ka buɗe a wani, sai ka ga wayam ka ɗauka ka share. Dalilin rubuta yankin a takarda ke nan. Washegari ka leƙa Bills ka nemi layin da gwajinka ya haifar, ka karanta shi.

Da wannan salon za ka bi sauran. Zuba hoto a S3, ka gwada buɗe shi daga wayarka, ka ga AccessDenied, ka gano cewa Block Public Access a kunne yake tun asali. Ƙirƙiri mai amfani da izinin karatu kawai, ka sa shi ya gwada goge hoton, ka ga an hana shi. Ka gwada Lambda, wadda ke da kira miliyan ɗaya kyauta kowane wata. Gwaji biyar ko shida irin waɗannan sun isa.

Wasu abubuwan kuwa a karanta su kawai. NAT Gateway yana cin sama da dala 30 a wata ko ba a yi amfani da shi ba. AWS Organizations yana fitowa a jarrabawa, amma shiga cikinsa yana mayar da asusunka tsarin biya kai tsaye. Direct Connect da matakan tallafin kamfanoni ma ba abin da ɗalibi zai gwada a ɗakinsa ba ne. Ya isa ka san aikin kowanne da inda ake buƙatarsa. Sauke takardar Exam Guide ta CLF-C02, ka bi jerin hidimomin da ke ciki, ka raba su gida biyu: waɗanda za ka taɓa da waɗanda za ka karanta. Bayan haka ka shiga tambayoyin gwaji, duk wadda ka faɗi a kan abin da ake iya taɓawa, ka koma allo ka gani da idonka kafin ka wuce.

Babu jarrabawar da Hausa. Akwai ta da Turanci, akwai da Faransanci ga 'yan'uwa na Nijar da Chadi. Wanda zai rubuta da Turanci alhali ba harshensa na gado ba ne, yana da damar neman ƙarin minti 30, sunanta ESL +30, amma dole a nema kafin a zaɓi ranar zama. Ana iya rubutawa daga gida da kyamara a kunne, ko a cibiyar Pearson VUE. Inda wuta da sabis ba su da tabbas, cibiya ta fi kwanciyar hankali. Cikin tambayoyi 65 ɗin, 15 ba a ba su maki, kuma ba za ka san su ba, don haka kada wata baƙuwar tambaya ta firgita ka. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ka bar ko ɗaya ba amsa. Wanda ya faɗi sai ya jira kwana 14, ya sake biyan dala 100. Kada ka biya kuɗin zama sai ka iya kunna sabar nan, ka gyara ta, ka rushe ta ba tare da kallon bidiyo ba.