Nadi: Maki takwas da ke rusa aure a Indiya

A gidajen Hindu da dama, musamman a arewacin Indiya, ba a tsayar da maganar aure sai an kai ranar haihuwar saurayi da budurwa, da sa'a da garin da aka haife su, wurin malamin taurari. Abin da yake nema shi ne inda wata yake a sararin sama lokacin da aka haifi kowannensu. Sun kasa hanyar wata gida 27, kowane gida sunansa nakshatara, kuma wata yakan yi kusan kwana ɗaya a kowane. Ɗaya daga cikin gidajen ma mun san shi: Kirittika, wato tarin taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta.

Malamin yakan gwada gidajen biyu ta fuska takwas, ya ba da maki. Fuska ta farko makinta ɗaya, ta biyu biyu, a haka har ta takwas, jimla 36, kuma ana son a sami aƙalla 18. Ta takwas ɗin ita ce nadi, kuma ba ta da rabi: ko a ci takwas cif, ko a tashi a tutar babu.

An raba gidajen 27 kashi uku, tara-tara: Adi, Madiya da Antiya. Ana danganta su da ɗabi'u ukun jiki na maganin gargajiyar Indiya, wato iska, zafi da majina. Ƙa'idar ita ce kada miji da mata su faɗa kashi ɗaya. In sun faɗa, an sami abin da suke kira nadi dosha, aibin nadi.

A ɗauki saurayin da aka haifa wata yana Rohini, budurwar kuma yana Rewati. Duka biyun Antiya ne, don haka maki takwas sun tafi, kuma ko sun cinye sauran fuskoki bakwai ba za su wuce 28 ba. Ai 28 ta haura 18 nesa ba kusa ba, amma iyaye da yawa ba sa ko kallon jimlar da zarar sun ji an ambaci nadi, domin abin da aka jingina masa ya taɓa zuriya. Ana cewa irin wannan aure yana kawo rashin haihuwa, ko ɓari, ko 'ya'ya marasa lafiya, wasu malaman har su ambaci mutuwar ɗaya daga cikin ma'auratan. Wace uwa ce za ta ji haka game da 'yarta ta iya barci? Saɓanin hali ana iya haƙuri da shi, amma ba wanda ke son ya yi caca da jikokinsa. Abin takaicin shi ne, in aka yi auren kuma haihuwa ta yi jinkiri, sau da yawa matar ce ke shan gori.

Lissafin kansa ya isa ya sa mutum ya dakata. Tunda kashi uku ne daidai wa daida, duk mutum biyun da aka haɗa, kusan sau ɗaya cikin uku za a tarar nadinsu ɗaya. Ga kuma batun sa'a. Gidan da ke bin Rohini shi ne Mirigashira, wanda Madiya ne. Da an haifi saurayin nan bayan watan ya tsallaka, ko da an yi kuskure wajen rubuta lokacin haihuwarsa a dab da iyakar gidajen, da maki takwas ɗin sun dawo masa.

Malaman da kansu sun buɗe ƙofofi. Da yawansu suna cewa aibin ya faɗi idan burujin wata ɗaya ne amma gidajen daban, kamar Rohini da yawancin Kirittika, waɗanda duka suke burujin Sa. Haka nan idan gida ɗaya ne amma rubu'insa daban, domin kowane gida an raba shi huɗu. In ƙofa ba ta samu ba, sai a umarci iyali da maimaita wata addu'a ga Shiba, ko sadakar saniya, zinare, hatsi ko tufafi. Shi ya sa iyalin da wani malami ya hana sukan nemi na biyu.

Wasu masu kare al'adar suna cewa nadi tamkar gwajin jini ne na mutanen da. A nan ban yarda da su ba. Mun san gwajin sikila kafin aure: ana ɗibar jini, a gano abin da iyaye za su iya gadar wa ɗa. Nadi kuwa daga matsayin wata aka ciro shi, bai taɓa jinin kowa ba, kuma 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya suna iya fitowa a nadi daban-daban. Tsoron da iyayen ke ji na gaske ne, kuma ƙauna ce ta haife shi, amma amsar tambayarsu tana asibiti.