Mudun da Ake Auna Mai Juya Kuɗin Jama'a

A ƙarshen shekarar 2008, duk wanda ya dubi lissafi zai ce Warren Buffett ya sha kaye. Attajirin na Amurka ya ƙulla fare na dala miliyan 1, wadda za ta tafi ga aikin agaji, da wani kamfanin zuba jari na New York mai suna Protégé Partners. Buffett ya zaɓi asusun Vanguard wanda ba ya komai sai bin S&P 500, wato ma'aunin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka 500. Ted Seides na Protégé kuwa ya zaɓi asusu biyar da suka rarraba kuɗinsu a hannun ƙwararrun masu juya jari fiye da 100. Wa'adin shekara goma ne, daga 1 ga Janairun 2008.

A shekarar farko kasuwa ta rushe. Dala 1,000 a asusun Buffett ta koma 630, ta hannun ƙwararrun kuwa ta tsaya a kusan 760. Da a ranar aka yanke hukunci, da an yi musu kirari. Amma da wa'adi ya cika a ƙarshen 2017, waccan dala 1,000 ta Buffett ta kai 2,258. A ɗaya ɓangaren, in an haɗa asusun biyar an raba, kusan 1,360 ta kai. Wanda ya fi ƙoƙari a cikinsu ya ƙaru da kashi 87.7 cikin 100, na ƙarshe kashi 2.8 kacal.

Babban abin da ya ci su la'ada ce. Bisa al'ada irin waɗannan ƙwararru suna cire kashi 2 cikin 100 na jarin kowace shekara, ko an ci riba ko an faɗi, sannan su ɗauki kashi 20 na ribar, masu tattaro musu kuɗi su ma su yanki nasu. Asusun Vanguard bai cire ko kashi 0.1 ba. Shi ya sa ribar da ake aunawa ita ce wadda ta rage bayan kowa ya ɗebi rabonsa.

Sai dai Seides, ko da yake ya amsa kaye, ya kawo hujjar da bai kamata a yi watsi da ita ba. A ganinsa mudun da aka auna shi da shi bai dace ba. Asusun da ya zaɓa suna zuba kuɗi a ƙasashe da dama, kuma an gina su ne don su rage zafin faɗuwa, kamar yadda suka yi a 2008. S&P 500 kuwa Amurka ce zalla, a shekarun da hannayen jarinta suka bar na sauran duniya a baya. Wanda aka aika ya sayo dawa ba a tuhumarsa da farashin shinkafa. Adalci shi ne a gwada shi da ma'aunin da ya ƙunshi irin kayan da aka ba shi izinin saye, mai irin kasadarsa. Raunin hujjar ɗaya ne: shi da kansa ya yarda da wannan mudu tun ranar farko, kuma ma'auni kafin a fara ake zaɓensa, ba bayan an ga sakamako ba.

Mai jari a Kano ko Kaduna yana fuskantar irin wannan lissafi. A 2023 babban ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Najeriya ya tashi da kusan kashi 46 cikin 100, ban da ribar da kamfanoni suka raba. Manajan asusun hannayen jari da ya kawo kashi 30 a shekarar, ko da ya buga shi da manyan haruffa a talla, kasuwa ta tsere masa da tazarar 16. Amma wanda aikinsa sayen takardun bashin gwamnati na gajeren zango ne, zalunci ne a auna shi da 46. Ribar waɗannan takardu ita ce mudunsa. Asusun da ya gauraya biyun, rabi da rabi, sai a gauraya masa ma'aunin haka nan.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin shekara ɗaya sa'a tana da babban hannu a ciki. Tarihin da zai nuna gwaninta sai ya ratsa lokacin tashi da na faɗuwa, kuma mutumin da ya kafa shi ya zamana shi ne har yanzu a kan kujerar. Mai karatu da ke da kuɗi a wani asusu, ya nemi rahotonsa na shekara, ya duba sunan ma'aunin da aka rubuta, sannan ya jera ribar shekara biyar zuwa goma, bayan cire la'ada, kusa da ta ma'aunin.