Allon lura da hannun jari: riba, asara da agogon farashi

Mai sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta manhajar waya ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya haɗa allo guda da zai nuna masa abin da yake riƙe da shi, riba ko asarar da ke kansa, da lokacin da farashin ya shigo. Google Sheets ya isa, kuma kyauta ne.

A tsara ginshiƙai shida. A shi ne lambar kamfani kamar yadda kasuwa ke rubuta ta, misali `NASDAQ:AAPL` na Apple. B adadin hannun jarin da ba a sayar ba tukuna, C matsakaicin farashin saye, D farashin yanzu, E riba ko asara, F kuma lokaci. Uku na farko da hannu ake cika su, sauran ukun su cika kansu:

```
D2: =GOOGLEFINANCE(A2,"price")
E2: =(D2-C2)*B2
F2: =GOOGLEFINANCE(A2,"tradetime")
```

Ginshiƙin C ne ke yawan ruɗa mutane. A ce ka sayi hannun jari 10 a kan dala 180, daga baya ka ƙara 5 a kan dala 195. Ka kashe dala 1,800 da 975, wato 2,775, ka raba da 15, matsakaici ya zama dala 185. In farashi ya kai 190, ribarka dala 75 ce. Wanda ya bar 180 a C ya gyara adadin kawai zuwa 15, allonsa zai nuna masa 150, ninki biyu na gaskiya. A zuba kuɗin dillali cikin abin da aka kashe tun kafin a raba. Ita kuwa wannan riba a takarda take, ba ta shiga aljihu ba sai an sayar, don haka ribar abin da aka riga aka sayar a ba ta shafinta daban.

A ganina ginshiƙin F ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutane da yawa sukan rubuta `=NOW()` a saman allo, su sa masa suna "sabuntawa ta ƙarshe". Wannan agogon bango ne kawai. Yana nuna lokacin da shafin ya sake lissafi, ba ruwansa da ko farashi ya motsa. Ranar Lahadi da safe zai nuna maka ƙarfe goma na yau, alhali farashin da ke ƙarƙashinsa na daren Juma'a ne. Shi kuwa `tradetime` lokacin ciniki na ƙarshe yake kawowa. Ko kasuwa na ci ma, Google da kansa ya ce farashinsa kan iya yin jinkirin da ya kai minti 20.

Idan kamfanoni suna da yawa, mafi tsufa daga cikin lokutan ake ɗorawa a sama, domin farashi ɗaya da ya maƙale ya isa ya ɓata jimilla. Sai a haɗa da gargaɗi:

```
=IF(NOW()-MIN(F2:F20)>30/1440,"TSOHON FARASHI","SABO")
```

Rana ɗaya minti 1,440 ce, shi ya sa aka raba 30 da ita. Da zarar farashi ya wuce rabin awa bai sabunta ba, gargaɗin zai bayyana.

Amma sai agogunan biyu sun daidaita. Kasuwar New York na buɗewa 9:30 na safe ta rufe 4 na yamma a lokacinsu. A Kano ko Zinder hakan 2:30 na rana ne zuwa 9 na dare daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni kuma 3:30 zuwa 10, saboda su suna canza agogo, mu ba ma canzawa. Ka saita yankin lokacinka a `File > Settings`, sannan ka duba F bayan an tashi kasuwa. Idan ka ga wajen ƙarfe 4 maimakon 9 ko 10, to lokacin New York ne, sai ka ƙara bambancin awannin a lissafi. Da dare da ƙarshen mako gargaɗin zai ci gaba da nunawa, kuma daidai ne.

Wani lokaci D kan nuna `#N/A` idan farashi bai zo ba. Kada munin ganinsa ya sa ka rufe shi da `IFERROR(...,0)`. Sifili a D na nufin jarin ya zama banza, sai allo ya rubuta maka asarar dala 2,775 da ba ta faru ba, ka tashi hankalinka a kan iska. Ka bar kuskuren a fili, kuma kafin ka saya ko ka sayar, ka tabbatar da farashin a manhajar dillalinka.