Takardar Bayanin Kai ta Mai Neman Koyarwa a Jami'a

A wajen kwamitin ɗaukar malamai, sashen wallafe-wallafe ne ake fara leƙawa, kuma nan ne masu nema suka fi tuntuɓe. Wani zai jera abu goma sha biyu a layi guda don takarda ta cika ido. Farfesan da ke dubawa kuwa sai ya tsefe su: huɗu maƙalu ne da masana suka tantance kafin mujalla ta buga, biyu babi ne a littafi, sauran jawabai ne na taro. Gara mai nema ya raba su da kansa, sabo a sama, kowanne da shekara, sunan mujalla da shafuka. Maƙalar da ke hannun edita a ce an miƙa ta, domin ba a buga ba tukuna.

Tallafin bincike, misali na TETFund, a faɗi adadin kuɗin, shekarun, da ko shi ne jagora ko mataimaki.

Koyarwa ba ta buƙatar dogon zance: sunan kwas da aji sun isa. Ɗaliban da ya duba kuma a bambanta masu digiri na biyu da na uku, waɗanda suka kammala da waɗanda ke kan aiki.